Ba Ɗauke Wuta Kaɗai Ke Hana Mu Barci Ba

Daga ƙarshen Fabrairu har ruwa ya zauna sosai, akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakin mutanen Kauru, kuma ita ce dai za ka ji a Saminaka da Zonkwa da Kafanchan: "In aka ɗauke wuta a bazara, barci sai mai inji." Wanda ya faɗe ta ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ne. Ƙarfe ɗayan dare fanka ta yi ƙiƙi-ƙaƙa ta tsaya, kafin minti goma zufa ta jiƙa matashin kai, sauro ya fara kuka a kunne, jariri ya tashi, uwa ta ɗauki mafici tana fifita har asuba. Da safe maigida ya tafi gona ko makaranta idonsa ja, kansa na sarawa. Ina girmama masu wannan magana, domin iyayenmu ne da 'yan'uwanmu. Amma ina ganin ta ɗora laifin duka a kan abu guda, sannan ta rufe mana ƙofar abubuwan da ke hannunmu. Idan mutum ya yarda cewa janareto ne kaɗai magani, to ɗaya daga biyu zai yi: ko ya haƙura da rashin barci na watanni, ko ya ƙona kuɗin abincin gida a man fetur, wani lokaci ma ya jefa iyalinsa cikin haɗarin da ya fi zafin muni.

Sai mu fara da fankar kanta, tunda ita ake kuka da tsayawarta. Fanka ba ta sanyaya ɗaki. Ka rufe ɗaki ka bar ta tana juyawa tun safe, da yamma ba za ka tarar ya yi sanyi ko kaɗan ba, sai ma ɗan ƙarin ɗumi, domin fankar sama tana cin wat 60 zuwa 75, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa a cikin ɗakin. Aikinta a jikin mutum yake. Fatarmu tana da ɗumin kusan digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan iska ta tsaya cik, sai wata siririyar iska mai ɗumi da laima ta lulluɓe fatar, gumi ya kasa bushewa. Fanka tana kore wannan lulluɓi ne, gumin ya bushe, ya tafi da zafin jiki. Saboda haka a daren da ka yi barci mai daɗi ƙarƙashin fanka, ɗakin yana nan da zafinsa, ba ka ji ba ne kawai. Da ta tsaya sai ka gamu da ainihin ɗakin da kake kwana a ciki.

Shi kuwa jiki ba ya shiga barci mai nauyi sai ya sauke ɗumin cikinsa kaɗan, kuma ta fata yake fitar da shi, musamman tafin hannu da tafin ƙafa. Babban mutum ko yana kwance bai motsa ba, yana fitar da zafi kimanin wat 80. Idan ɗakin ya ƙi karɓar wannan zafi, barci ya zama na sama-sama, mutum ya yi ta juyi yana farkawa. Tambayar da ta kamace mu ita ce: me ya sa ɗakin ya ƙi karɓa, alhali dare ya yi nisa?

A nan ne nake roƙon mai karatu ya gwada da kansa, kada ya ɗauki maganata. A wani dare na watan Maris, wajen ƙarfe tara ko goma, ka sa tafin hannunka a jikin bangon ɗakinka na yamma, ta ciki. Sannan ka fita tsakar gida ka tsaya minti biyu. Za ka ji bangon da ɗumi, tsakar gida kuwa iska na ɗan kaɗawa. Ƙasar Kauru tana kan tudu, tana makwabtaka da Filato ta kudu maso gabas, kuma darenta ba irin na Sakkwato ko Maiduguri ba ne. Ko a tsakiyar bazara, iskar waje takan sauko zuwa wajen digiri 25 ko ƙasa da haka kafin asuba. Amma ɗakin bulo mai rufin kwano yakan kwana da zafin da ya fi na waje nesa ba kusa ba. Kwano a tsakar rana yana iya haura digiri 60, yana zubo wannan zafi kan duk abin da ke ƙarƙashinsa: bango, daɓen siminti, katifa, akwatunan kaya. Kwanon kansa yana saurin hucewa da faɗuwar rana, amma bulo da siminti ba sa sauri. Bangon da ranar la'asar ta gasa yana riƙe zafin, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki daga magariba har tsakar dare. Zafin da ke tashin ka ƙarfe ɗayan dare, mafi yawansa na ƙarfe ukun rana ne da ɗakin ya ajiye maka.

Mu ɗauki ɗaki irin wanda kowa ya sani, ƙafa 12 da ƙafa 12, ginin bulo, rufin kwano babu silin, ƙofa ta gabas, taga ɗaya ta yamma. Miji da mata da yara biyu ke kwana a ciki, wato jikinsu kaɗai yana ƙara wa ɗakin zafin da ya kai wat 250 ko kusa da haka duk dare. Yadda aka saba, da rana ana barin taga a buɗe "don iska ta shiga", rana ta shigo kai tsaye ta kwanta kan katifa. Da magariba kuma a rufe ko'ina saboda sauro da tsoron dare. An shigo da zafi ke nan da rana, an kulle shi da daddare. Abin da ya dace shi ne a juya tsarin. Tun daga hantsi a kare tagar yamma daga rana, kuma ta waje ake karewa, da asabari ko zana ko tsohuwar tabarma da aka rataya nesa da bango kamar taki ɗaya, domin labulen ciki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo. In da hali a kafa 'yar rumfa ta inuwantar da bangon yamma gaba ɗaya daga ƙarfe biyu zuwa biyar. Sannan da zarar ka ji iskar waje ta fi ta ciki sanyi, yawanci bayan magariba, a buɗe ƙofa da taga tare. Kafa ɗaya ba ta isa, sai iska ta sami mashiga da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da take bayarwa ke nan a lokacin tsananin zafi: a rufe ɓangaren rana da rana, a buɗe da dare idan waje ya fi ciki sanyi.

Akwai wani ɗan abu da ake mantawa da shi. Lokacin hunturu mukan cusa tsumma da buhu a ratar da ke tsakanin bango da kwano saboda ƙura da sanyi. Bazara ta zo, tsumman na nan. Iska mai zafi sama take tashi, kuma wannan ratar ita ce mafitarta. A cire tsumman a watan Fabrairu, a buga ragar waya a wurin don sauro da ɓera. In kuma an yi sa'a akwai wuta da farkon dare, kada a ɓata ta ana juya iskar ɗaki a rufe. A ajiye fankar ƙasa a bakin taga tana huro iskar waje ciki, ƙofa a buɗe, na tsawon awa ɗaya ko biyu. Wannan fankar tana aiki ne a kan bango da katifa, kuma amfaninta zai kai ka har bayan an ɗauke wutar.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: a Kauru ba kowa ke iya kwana ƙofa a buɗe ba. Yankin ya ga hare-hare da satar mutane, kuma ba zan ce wa kowa ya sayi iska da tsaron iyalinsa ba, balle in ce a koma kwanan tsakar gida kamar dā a inda hankali bai kwanta ba. Amma tsakanin magariba da lokacin kwanciya akwai awa uku ko huɗu da mutane ke farke a tsakar gida, kuma a nan ne ake fitar da mafi yawan zafin. Bayan an rufe ƙofa, taga mai ƙarfe da raga tana iya kwana a buɗe, ratar sama kuma mutum ba ya iya shiga ta cikinta. Rufe ɗaki ruf da mutane da yawa a ciki yana da nasa haɗarin, domin wannan lokaci ne na sanƙarau, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa yaɗuwa.

Sai ruwa. Kowa ya san randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya na ciki. Haka jikin mutum yake, kuma ƙarfin abin ya fi yadda muke zato. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bushe ƙarƙaf tana tafiya da zafin da ya yi kusan daidai da wanda babban mutum ke fitarwa a barcin awa takwas. Shi ya sa wanka dab da kwanciya yake aiki, musamman idan ba a goge jiki sarai ba. Ruwan randa ko na bokitin da ya wuni a inuwa ya wadatar. Ruwan ƙanƙara kuwa yana sa jijiyoyin fata su tsuke, zafin ya maƙale a ciki, ga shi yana wartsakar da mutum a lokacin da yake neman barci. A ajiye ƙaramin kwano da tsumma mai tsabta kusa da shimfiɗa. In an farka, a shafa wuya da hannuwa da ƙafafu, a koma a kwanta ba tare da kunna fitila ba. Babba mai lafiya yana iya jiƙa zanen auduga marar kauri, ya matse shi sosai, ya rufa da shi.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka, kuma a nan mutane da yawa suke yanke ƙauna su ce sun gwada ba ta yi ba. Bazararmu iri biyu ce. Akwai ta ƙarshen Fabrairu da Maris, lokacin da iska take a bushe, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin ka juya. A nan ruwa yana aiki ƙwarai, yayyafa shi a daɓe ma yana taimakawa, haka na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda ake kira kula. Sannan akwai ta Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi, jiki ya yi ta danƙo. Irinta takan dawo a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa. A wannan yanayi iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ruwan da ka yayyafa ba zai bushe ba, sai dai ya ƙara wa ɗakin nauyi. Gane bambancin ba wuya. Ka rataya jiƙaƙƙen hankici a ɗakin da isha'i. In ya bushe kafin ka kwanta, dare ne na ruwa. In ka taɓa shi tsakar dare yana nan da danshinsa, ka bar yayyafi da jiƙa zane, ka tsaya ga wanka kawai. Ita ma kula, ko da wuta, ba ta aiki a ɗaki rufaffe, sai taga na buɗe laimar na fita.

A irin waɗannan darare masu nauyi, na yarda da masu maganar rabin yarda: ana buƙatar iska mai motsi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa sai inji. Ƙaramin janareto yana shan lita uku zuwa huɗu kafin gari ya waye, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Duk wannan mai ana ƙona shi ne don juya fanka ɗaya ko biyu. Iskar da mai barci ke buƙata kaɗan ce, in dai tana kusa da jikinsa.

Mutane da yawa sun sayi fanka mai caji, kuma kukansu ɗaya ne: ƙarfe biyun dare take mutuwa. Lissafin a bayyane yake. Ka buɗe bayanta ka duba batirin, a yawancin manyan za ka ga an rubuta `12V 7Ah` ko ƙasa da haka. Ka ninka 12 da 7, ka sami 84, wato batirin yana iya ba da wat 84 na awa ɗaya in yana sabo kuma cike. Fankar a gudunta na ƙarshe tana cin kusan wat 25, saboda haka awa uku da 'yan mintuna ta ƙare. Wanda ya kunna ta ƙarfe goma a babban gudu, ƙarfe ɗaya ya farka. A ƙaramin gudu kuwa tana cin wajen wat 8 zuwa 10, ta kai awa takwas. Ga wani abu kuma: irin wannan batiri mai dalma ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙarƙaf kullum, kuma ba ya son a bar shi kwanaki babu caji. Wanda ake yi wa haka, cikin 'yan watanni za ka ga awa uku ta koma minti arba'in, in ka taɓa shi ka ji ya kumbura. Ba fankar ce ta lalace ba, batirin ake sakewa. Don haka a fara da wanka da buɗe taga, a kunna fankar a ƙaramin gudu, a matso da ita kamar taki biyu daga shimfiɗa, ta fuskanci ƙirji da fuska. A haɗa ta da ƙaramin faifan sola da ya dace da ita, domin ranakun da wuta ba ta zuwa sam. Waɗanda suka ga duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024, bayan matsalar manyan layukan wuta, sun san cajin da ke jiran wutar gari ba abin dogaro ba ne.

Mafi araha kuma ita ce 'yar fankar da ake jona wa batirin cajin waya. Tana cin wat 3 zuwa 5. Batirin da aka rubuta wa `20000mAh`, in na gaskiya ne, yana ba da abin da ya kai wat 50 na awa ɗaya bayan asarar da ake yi a hanya, wato fiye da awa goma ga wannan fankar. Ƙanƙantarta ce amfaninta, domin tana shiga cikin gidan sauro, kuma wannan ya kawo mu ga rabin matsalar da maganar "sai mai inji" ba ta ambata ba.

Sau da yawa ba zafi ne ke tashin mutum ba, sauro ne. Sauro ba shi da ƙarfin tashi a cikin iska, fanka na kore shi, sai mu ɗauka ɗakin babu shi. Da ta tsaya sai ya sauko. Gidan sauro kuwa yana rage iska, shi ya sa ake naɗe shi a bazara, a kunna maganin sauro na hayaƙi ko a yayyafa fiya-fiya, sannan a rufe taga "don maganin ya kama". An haɗa zafi da guba ke nan a ɗakin da yara ke numfashi. Fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma sauron da ke kawo shi da dare yake cizo. A bar gidan sauro a ɗaure, a ɗaga shi sama ya miƙe sosai kada ya kwanto kan jiki, a wanke ƙurar hunturu da ta toshe idanunsa da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa. Sai a rataya 'yar fankar a ciki, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ita ma shimfiɗar a duba ta. Katifar soso mai kauri, balle wadda ba a cire ledarta ba, tana hana rabin jiki fitar da zafi. Tabarma a kan gadon katako ko na igiya, ko siririyar katifa da zanen auduga, ta fi ta sauƙi a waɗannan watanni.

Wani abin da ke katse barci kuma dawowar wutar ce. An ɗauke ta ƙarfe tara ana zaune, aka kwanta ba a kashe komai ba, ƙarfe uku ƙwai ya haska fau, talabijin ta ɗauki magana, gida duka ya tashi. Kafin a kwanta a kashe makunnin kowane ƙwai, a cire kayan wuta daga bango, a bar na fanka da abin caji kawai. In an farka, kada a ɗauki waya a duba lokaci ana lissafin awoyin da suka rage, wannan lissafin da kansa yana kore barci. Wanda darensa ya lalace ya rama da ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin bayan azahar, kada ta kai la'asar, kuma ya bar shayi mai kauri da goro tun da yamma.

Jarirai da tsofaffi ba a yi musu yadda ake wa sauran. Ba a lulluɓe jariri da jiƙaƙƙen zane, a dai goge masa jiki da ruwa mai ɗan ɗumi, a bar shi da riga ɗaya marar nauyi. Wanda bai kai wata shida ba, nono ake ƙara masa, ba ruwa ba. Tsoho kuma ƙishirwa ba ta saurin kama shi ko da jikinsa na buƙata, sai an miƙa masa ruwan. In aka ga yaro ya yi laushi ya ƙi shan nono, ko tsoho ya fara ruɗewa jikinsa zau, wannan ya wuce fifita, asibiti za a nufa.

Ba ina cewa mu daina neman haƙƙinmu na wuta ba. Tsarin da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta shimfiɗa ya raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, na sama awa 20 a rana, na ƙasa awa 4, kuma duk mai biyan kuɗi yana da damar tambayar rukunin da aka sa shi da awoyin da ya kamata ya samu. Haka nan wanda ke da hali ya gyara ɗakin kansa, domin silin ko na kwali ne yana tare zafin kwano, farin fenti a saman rufi kuma yana mayar da hasken rana. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda hukuma ta sa aka shafe rufin dubban gidajen talakawa da fari, an ga cikin ɗaki ya ragu da digiri biyu zuwa biyar. Mai haya da maigidan haya suna iya raba kuɗin, kuma Janairu ne lokacin aikin, kafin zafi ya kankama.

Akwai gidan da dole sai an tayar da inji, wataƙila saboda marar lafiya ko mai jego. Ga su nake roƙo da babbar murya. Hayaƙin janareto yana ɗauke da wata iska, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Saboda tsoron ɓarawo ake shigo da inji zaure, ko baranda, ko ɗakin girki, ko a ajiye shi ƙarƙashin tagar da muka ce a buɗe. Iyalai sun kwanta a haka a ƙasar nan ba su tashi ba. Inji a fili yake zama, aƙalla mita shida daga kowace ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da ɗaki, a ɗaure shi da sarƙa in ana tsoron sata. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a daren da inji ke aiki, kada a ce zafi ne ko zazzaɓi. A fitar da kowa waje nan take, a kashe injin, a kai su asibiti, kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa kusa da janareto suka kwana.